Bidiyon da ba a gane ƙarshensa: yadda ake ɗinke zane mai motsi ya riƙa zagayawa

Akwai irin gajeren bidiyon da mutum zai ci karo da shi a TikTok ko Instagram, ya tsaya yana kallon ruwan sama na zuba a bayan taga ko wata mota na ta gudu a kan titi, sai can ya farga cewa abu ɗaya yake ta kallo tun ɗazu. Bidiyon bai wuce sakan huɗu ko biyar ba, amma ya zagayo sau da yawa ba tare da ido ya kama wurin da ya ƙare ya sake farawa ba. Akwai kuma ɗan'uwansa da ba a yi masa aiki da kyau ba: duk sa'ad da ya kai ƙarshe sai ka ga ya ɗan yi tuntuɓe, ko ya fizga, ko wani abu a cikinsa ya yi tsalle ya koma wani wuri. Bambancin biyun yana wurin gaɓar da ƙarshe ke haɗuwa da farko, kuma yawancin aikin gyara wannan gaɓa lissafi ne na ƙananan lambobi, wanda ake yi tun kafin a fara zane.

Dabarar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Tun a farkon shekarun 1830 masanin kimiyya ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Plateau, ya ƙera wani faifai mai zane-zane a gefensa, wanda idan aka juya shi aka leƙa ta tsagoginsa a gaban madubi sai a ga zanen yana motsi. Tunda faifai ne, dole zane na ƙarshe ya miƙa wa na farko, babu yadda za a yi. A zamanin kwamfuta, kamfanin CompuServe ya fito da tsarin hoto na GIF a 1987, sannan a 1995 manhajar shiga intanet ta Netscape ta ƙara masa umarnin maimaita kansa. Manhajar Vine, wadda ta fito a 2013 da bidiyo na sakan shida mai zagayawa, ita ta saba wa jama'a da wannan irin kallo kafin a rufe ta a 2017. Yau kusan duk dandalin gajerun bidiyo yana maimaita abin da aka ɗora masa kai tsaye, ko mai shi ya shirya wa hakan ko bai shirya ba.

Firam na ƙarshe ba kwafin na farko ba ne

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, kowane hoto ana ce masa firam. Fim na silima yana nuna firam 24 a sakan, talabijin a Najeriya da Nijar 25, yawancin wayoyi kuma 30 suke ɗauka. A wannan rubutu za mu tsaya a kan 30, don shi ya fi yawa a gajerun bidiyo.

Abin da kowa ke fara ji shi ne: a sa firam na farko da na ƙarshe su zama iri ɗaya. Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma ita ke jawo kuskuren da ya fi kowane yawa. Idan firam na ƙarshe ya zama kwafin na farko daidai-wa-daida, to a wurin gaɓa mai kallo zai ga hoto ɗaya sau biyu a jere. Motsin zai tsaya cak na kashi ɗaya cikin talatin na sakan. A rubuce wannan kamar ba komai ba ne, amma ido yana kama shi, musamman a abin da ke tafiya da gudu ɗaya kamar taya ko fanka. Mutum ba zai iya faɗa maka abin da ya gani ba, zai dai ce bidiyon yana ɗingishi.

Dubi fuskar agogon bango. Sha biyu sau ɗaya aka rubuta ta. Hannun agogo yana tashi daga sha biyu, ya zagayo ya dawo mata, amma ba a rubuta wata sha biyun a gefen ta farko don a nuna ƙarshe ba. Daga sha ɗaya sai sha biyun da aka fara da ita. Haka zagayen zane yake. Firam na ƙarshe shi ne wanda ya rage taki ɗaya a koma farko, kuma firam na farko shi ke cike wannan taki.

A aikace ga yadda ake yi. A manhajojin zane mai motsi, mai aiki yana kafa alama a kan layin lokaci ya ce a wannan firam abu yana nan, a wancan kuma yana can, manhaja ta cike tsakani. Wannan alama ita ake rubuta wa Keyframe a kan allo. Idan ana son zagaye mai firam 120, sai a kafa alamar farko a firam 1, a kwafe ta a ajiye a firam 121, sannan a fitar da bidiyon daga 1 zuwa 120 kawai. Firam 121 yana nan don ya ja motsin zuwa inda ya kamata, amma ba ya shiga bidiyo. A Blender, wadda ke fara ƙirga daga 1, haka lambobin suke. A After Effects ƙirga daga 0 take farawa, don haka kwafin alamar zai zauna a 120, firam na ƙarshe da zai fita kuma shi ne 119. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayar ya kula da wannan, domin a nan ake samun firam ɗin da ya yi yawa ko ya yi kasa.

A-daidaita-sahu a kan titi

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daki-daki. Ana son bidiyo na tsaye mai faɗin fiksel 1080 da tsawon 1920, irin wanda ke cika allon waya. A tsakiya akwai zanen a-daidaita-sahu an hango shi ta gefe. Shi kansa ba ya gusawa daga tsakiyar allo. Titi da gidajen da ke bayansa ne ke wucewa, tayoyinsa na juyawa, jikinsa na ɗan tsalle, gyalen wata fasinja kuma na kaɗawa a iska. Mun yanke cewa tsawon zagayen sakan huɗu ne, wato firam 120.

Ba don son rai aka zaɓi 120 ba. Lamba ce mai rabuwa da lambobi da yawa ba tare da saura ba: 2, 3, 4, 5, 6, 8, 10, 12, 15, 20, 24, 30, 40 da 60. Wannan yana da muhimmanci domin a cikin babban zagayen akwai ƙananan zagaye, kuma dole kowannensu ya kammala kansa daidai lokacin da babban ya ƙare. Wanda ya zaɓi firam 100 ko 110 ya ƙuntata wa kansa, don ƙananan motsin da za su shiga cikinsu ba tare da saura ba kaɗan ne. Shi ya sa 60, 90, 120 da 180 suka fi daɗin aiki.

Mu fara da gidajen baya. Za a zana su a kan dogon hoto wanda bakinsa na dama ya haɗu da na hagu ba tare da an ga layi ba, a jera kwafi biyu gefe da gefe, sannan a ja su da nisan faɗin kwafi ɗaya cif a cikin firam 120. Idan faɗin hoton fiksel 1080 ne, to yana tafiyar fiksel 9 a kowane firam. Idan ya kai ƙarshe, kwafi na biyu ya zauna daidai inda na farko ya tashi, ba wanda zai gane an sauya. Titi da turakun wuta da ke kusa da mai kallo dole su fi gidajen sauri, don haka abin da ke kusa yake yi wa ido. Sai a ba su ninki biyu: fiksel 2160 a zagaye, wato 18 a kowane firam. Ninki biyu ko uku yana aiki. Ninki ɗaya da rabi kuwa ba ya aiki sai in zanen titin yana maimaita kansa a kowane fiksel 540.

Tayar ce ke da sarƙaƙiya, kuma a nan ake gane wanda ya yi lissafi. An zana ta da faɗin fiksel 200, don haka kewayenta kusan fiksel 628 ne. Don kada ta yi kamar tana sulɓi a kan titi, dole juyinta ya dace da tafiyar titin. Idan aka raba 2160 da 628 ana samun kusan juyi 3.44. Wannan lamba ba za ta rufe zagaye ba. A wurin gaɓa ƙarafan cikin tayar za su yi tsalle. Mafita biyu ce. Ta farko a ƙara girman tayar zuwa faɗin kusan fiksel 229, kewayenta ya zama 720, ta yi juyi uku cif. Amma wannan ya sauya kamannin motar sosai. Ta biyu ta fi dabara. Idan tayar tana da ƙarafa huɗu iri ɗaya, to duk kwatan juyi tana komawa kamannin da ta fara da shi, don haka juyi uku da rabi ya wadatar. Sai a rage faɗinta kaɗan zuwa kusan fiksel 196, abin da ido ba zai ma lura da shi ba. Sharaɗin dai shi ne kada a sa mata wata alama guda ɗaya tak, kamar bakin hura iska ko tabon laka, domin wannan alama za ta tona asirin cewa juyin bai cika ba.

Wani abu game da taya da ya kamata a sani a wuce: juyi uku da rabi a firam 120 na nufin digiri 10.5 a kowane firam. Da ƙarafa huɗu babu matsala. Amma da za a yi mata ƙarafa ashirin, tazarar da ke tsakaninsu digiri 18 ce kawai, kuma da zarar juyin firam ɗaya ya wuce rabin wannan tazara, ido zai ga tayar tana juyawa da baya. Wannan shi ne abin da ake gani a tayoyin mota a finafinai.

Saura tsallen jikin motar da kaɗawar gyale. A ce mai zane ya ga tsallen ya fi kyau a firam 20, gyalen kuma a firam 25. Na farko ya shiga 120 sau shida, lafiya lau. Na biyu ya shiga sau huɗu da saura, don haka a ƙarshen bidiyo gyalen yana tsakiyar kaɗawa sai a fizge shi ya koma farko. Idan aka dage sai an bar shi a 25, to sai a firam na 600 ne duka motsin za su sake haɗuwa a wuri guda, wato sakan ashirin, ninki biyar na aikin da aka yi niyya. Maganin mai sauƙi shi ne a mayar da shi 24, ya shiga sau biyar. Bambancin firam ɗaya ba zai ɓata kyan kaɗawar ba. Ni a ganina ma gara a bar tsalle sau shida da gyale sau biyar da a sa su duka su yi lamba ɗaya, domin idan komai na motsi tare kamar sojoji a fareti, mai kallo yana saurin gane maimaicin. Idan suna saɓawa a tsakiya suna haɗuwa a ƙarshe kawai, zagayen yana yi wa ido kamar ya fi tsawonsa.

Wuri ya dace, gudu bai dace ba

Za a iya yin duk wannan lissafi daidai amma har yanzu a ga gaɓa. Dalili shi ne ido ba wurin da abu yake kaɗai yake bi ba, har da gudunsa. Blender, alal misali, tana sassauta motsi a farko da ƙarshe da kanta idan ba a hana ta ba: abu ya tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya rage gudu kafin ya tsaya. Wannan yana da kyau ga hannu da ke ɗaga kofi, amma ga titinmu da tayarmu ɓarna ce, don motar za ta riƙa taka birki duk bayan sakan huɗu. Duk abin da ke tafiya gaba ba tsayawa, a zaɓa masa Linear, wato gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ke zuwa ya dawo, kamar tsallen mota ko lilo, shi ke buƙatar sassauci, kuma wurin da ya fi dacewa a kafa alamarsa ta farko shi ne ƙololuwar motsin, inda dama can yake ɗan dakatawa kafin ya juyo.

Ga ƙananan motsin ba sai an yi ta kwafar alamomi da hannu ba. A After Effects ana rubuta wannan a kan motsin, ya riƙa maimaita kansa har ƙarshen aikin:

```
loopOut("cycle")
```

A Blender kuma ana ɗora wa motsin abin da ake kira Cycles a cikin Graph Editor. Dukansu maimaitawa kawai suke yi. Ba su san tsawon babban zagayenka ba, don haka rabon lambobin yana nan a wuyanka.

Akwai abubuwan da ba sa jin lissafi: hayaƙi, wuta, ruwa, ko bidiyon gaske da aka ɗauka da waya. Ba sa taɓa komawa kamannin da suka fara da shi. Dabarar da ake yi musu ita ce a yanka bidiyon a tsakiya, a kai rabin ƙarshe gaba, rabin farko baya. Yanzu sabon farko da sabon ƙarshe maƙwabta ne na asali, sun dace da juna. Tsohuwar gaɓar ta dawo tsakiya, sai a ɗora ɓangarorin biyu a kan juna na kamar firam 15 ko 20, ɗaya na narkewa ɗaya na bayyana. A hayaƙi da ruwa ba a ganin narkewar. A fuskar mutum ko wani abu mai kaifin layi kuwa ana ganin hoto biyu a haɗe, don haka ba ta yi musu. A tuna kuma cewa tsawon bidiyon zai ragu da adadin firam ɗin da aka ɗora, sai a fara da abin da ya fi wanda ake so tsawo.

Hanya mafi arha ita ce a yi gaba sannan a dawo da baya, irin abin da Boomerang na Instagram ya yaɗa tun 2015. Tana yi wa lilo ko kaɗa kai, amma hayaƙi mai komawa cikin bututu ko mutum mai tafiya da baya ba ya ruɗar kowa. Idan za a yi ta da hannu, a cire firam biyu daga rabin dawowa, na farkonsa da na ƙarshensa, don kada a samu tsayawa a ƙarshe biyun.

Idan akwai kiɗa, shi ke da ikon tsawon zagaye. Kiɗa mai bugu 120 a minti yana bugawa duk rabin sakan, wato duk firam 15, kuma sakan huɗunmu ya ɗauki bugu takwas cif. Nan sai a mayar da tsallen motar firam 15 ya riƙa tafiya da ganga. Kiɗa mai bugu 100 yana ba da firam 18 a bugu, bugu takwas ya zama firam 144, sai a sake rabon komai a kan 144. Mai bugu 128 kuwa yana ba da firam 14 da 'yan kai, ba ya zama daidai, kuma ya fi sauƙi a ɗan rage saurin kiɗan da a yi ta fama da zane.

Yadda ake duba gaɓa

Kallon bidiyo yana zagayawa a cikin manhajar da aka yi shi bai isa gwaji ba, don manhajar kan yi ɗan jinkiri nata wajen komawa farko. Abin da ya fi shi ne a fitar da bidiyon, a jera kwafi biyu a kan layin lokaci, a bi wurin haɗuwar firam ɗaya-ɗaya. Takin da ke tsakanin 120 da 1 ya zama daidai da wanda ke tsakanin 119 da 120. Akwai kuma gwajin ɗora firam na ƙarshe a kan na farko da zaɓin Difference, wanda ke nuna bambancin hotuna biyu kawai. Idan allo ya yi baƙi ƙirin, an maimaita firam. Idan siraran layuka suka fito a gefen abubuwan da ke motsi, aiki ya yi. Idan wani abu guda ya fito gaba ɗayansa yana haske, to shi ne wanda zagayensa bai rufe ba.

Bayan an gama, fayil ɗin kansa na iya kawo nasa cikas. Tsarin GIF yana ƙirga jinkirin kowane firam da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kuma firam 30 a sakan na buƙatar uku da sulusi, abin da ba zai iya rubutawa ba. Idan aka mayar da shi uku, sakan huɗunmu ya koma 3.6. Wanda ya san GIF zai fitar, gara ya yi aikinsa a kan firam 25 tun farko, wanda ke ba da huɗu cif. A MP4 kuma, matse bidiyo yana ajiye firam na farko a matsayin cikakken hoto, sauran kuma galibi bambanci kawai ake ajiyewa, don haka a fayil da aka matse da yawa hoton kan ɗan sauya tsabta a gaɓa. Sauti ma kan samu ɗan guntun shiru a farko ko ƙarshe saboda yadda tsarin AAC ke tattara shi.

Dandalin da aka ɗora wa bidiyon zai sake matse shi yadda ya ga dama, kuma wayar mai kallo na iya ɗan jinkirta komawa farko. Wannan ba ya hannun mai zane, amma zai iya rage yawan faruwarsa ta hanyar jera zagayen sau da yawa a fayil ɗaya. Zagaye huɗu na sakan huɗu ya zama bidiyon sakan 16, gaɓoɓi uku na ciki suna da tsabta, ta huɗu ce kawai ke hannun dandali. Da manhajar ffmpeg ana yin haka ba tare da an sake matse hoton ba:

```
ffmpeg -stream_loop 3 -i keke.mp4 -c copy keke4.mp4
```

Lambar 3 na nufin ƙarin maimaici uku a kan na asali. Ya fi kyau a jera hoton ba sauti, sannan a ɗora kiɗan a kan duka sakan 16 a matsayin layi ɗaya, don guntun shirun nan kada ya shiga kowace gaɓa. Idan kuma sitika ake nufi, a duba iyakar tsawo kafin a zaɓi zagaye: sitikar bidiyo ta Telegram ba ta wuce sakan uku, don haka a-daidaita-sahunmu sai an sake masa rabo a kan firam 90, titi ya tafi fiksel 24 a firam, tsalle ya zama firam 15, gyale kuma 18.